Ƙunzugu ko Audugar Mata? Matsalar Tana Wajen Shanya

Da la'asar sakaliya ma'aikaciyar jinyar ta shigo tsakar gidan da matan ƙungiyar adashi ke taruwa, ta ajiye abu biyu a kan tabarma: fakitin audugar mata na kanti, da tsohon zanen atamfa da aka yayyanka. Ta tambayi matan wanne ya fi tsafta. Kusan kowa ta nuna fakitin. Sai ta girgiza kai, ta ce ko wannensu yana iya zama lafiya, ko wannensu kuma yana iya jawo ciwo. Abin dubawa shi ne awa nawa ya yi a jiki, da inda aka kai shi bayan an cire.

Audugar kanti tana da sinadarin da ke tsotse jini ya riƙe, ga leda a ƙasa mai hana ɓata zane. Wannan ledar ce kuma ke tare iska, shi ya sa a zafin bazara wasu ke samun gumi da saɓar cinya. Tsadarta na sa mace ta yi tsimi, ta wuni da guda ɗaya tun asuba har isha'i, alhali ƙa'ida a canza duk awa 4 zuwa 6, ko da bai cika ba. In an cire, a naɗe a takarda ko leda a kai shara. Kada a jefa a masai na ruwa, domin kumbura take yi ta toshe bututu.

Ta yi musu lissafi a fili. Mace mai kwana 5 tana al'ada, tana canzawa sau 4 a rana, tana buƙatar auduga 20 kowane wata. In gidan akwai uwa da 'yan mata biyu, sun zama 60. Nan fa ɗakin taro ya yi tsit, kowa na auna aljihun maigida.

Ƙunzugu ba abin kunya ba ne, da shi kakanninmu suka rayu. Sharaɗinsa ya zama yadin auduga mai laushi wanda ya sha wanki, ba na roba ba, domin na roba ba ya shan jini, sai zamewa da zafi. Kuma kowace mace da nata, ko 'yar'uwa ba a yi wa aro.

A kan wanki ta fi daɗewa. Da yawa suna ɗora ruwan zafi don a zatonsu shi ke kashe ƙwayar cuta, amma zafi dafa jini yake yi, kamar yadda yake daskarar da ƙwai, sai tabon ya kama zaren ya ƙi fita. A fara jiƙawa a ruwan sanyi kamar rabin awa, a matse, a zubar da ruwan a masai. Sannan a cuɗa da sabulu, a yi ta ɗauraya har kumfa ta ƙare, saboda ragowar sabulu ko omo a yadi na haddasa ƙaiƙayi. Ba a sa turare. Hannu ma a wanke shi da sabulu kafin canji da bayansa.

Da aka zo batun shanya, wata dattijuwa ta faɗi abin da ke zuciyar kowa: wa zai baza irin wannan tsumma a igiya, ga maza na shige da fice, ga tsoron kada wani ya ɗauka ya yi asiri da shi? Shi ya sa ake cusa shi ƙarƙashin katifa ko bayan ƙofar banɗaki. A ganina nan ne ainihin ɓarnar take. Yadin da ya kwana a duhu da danshi yana yin fumfuna, a mayar da shi jiki, sai ƙaiƙayi da ƙuraje su biyo baya, a ɗora laifin a kan sanyin mara.

Ma'aikaciyar ba ta yi wa tsoron nan dariya ba. Dabara ta kawo: a shanya ƙunzugun a buɗe cikin rana, ba a ninke ba, a yafa masa siririn mayafi a sama. Ido ba zai gani ba, iska da zafin rana kuwa za su ratsa. In ya bushe ƙayau, a bi shi da dutsen guga, ko na gawayi ne, a adana a jakar yadi, ba a leda ba. Da damina, lokacin da shanya ke kwana ba ta bushe ba, ƙunzugu 4 ba za su isa ba, sai an tanadi kamar 8 zuwa 10 don a riƙa juyawa. Wanda ya fara tauri ko warin gumɗa, an gama da shi.

Kafin a tashi ta ja kunne: wadda jini ke jiƙa mata auduga duk awa guda har awanni a jere, ko ya wuce kwana 7, ko ta ga ruwa mai wari tare da zazzaɓi ko ciwon mara mai tsanani, ta tafi asibiti, canza ƙunzugu ba zai magance wannan ba.