Kasuwar Musayar Caca: Yadda Take Aiki da Inda Haɗarinta Yake

Kasuwar musayar caca wuri ne da 'yan caca ke karawa da junansu, kamfani kuwa yana tsakiya kamar dillali. A shagon caca na yau da kullum kamfani ne ke yanka farashi, shi ke biya idan an ci, shi ke kwashe kuɗin idan an faɗi. A nan kuwa mutum biyu ne masu saɓanin ra'ayi, aikin kamfani ya haɗa su. Betfair, wanda Andrew Black da Edward Wray suka buɗe a Birtaniya a shekarar 2000, shi ne ya fi suna a wannan harka.

Ɓangare biyu ne. Wanda ya danna Back yana cewa abu zai faru, irin cacar da aka saba. Wanda ya danna Lay yana cewa ba zai faru ba, wato ya hau kujerar mai shagon caca, kuma shi zai biya idan abin ya faru. Caca ba ta ƙulluwa sai an sami wanda ya yarda da farashin daga ɗaya ɓangaren.

A ce ƙungiyar Everton za ta buga wasa, farashin nasararta 4.0. Wani ya zuba fam 10 cewa za ta ci, wani kuma ya karɓi cacar cewa ba za ta ci ba. Abin da ke wuyan mai karɓar ana lissafa shi haka: a cire 1 daga farashin, a ninka da kuɗin da aka zuba. Wato 3 sau 10, fam 30. Kamfani zai riƙe wannan fam 30 daga asusunsa tun kafin a take leda, don kada ya tashi biya ya ce babu.

Idan Everton ta ci, fam 30 ya tafi. Idan aka doke ta, ko aka tashi canjaras, mai karɓar ya sami fam 10. Daga nan ne kamfani ke yankar kamashonsa, kuma a kan riba kaɗai yake yanka, wanda ya yi asara ba ya biya. Idan kamashon kashi 5 cikin 100 ne, abin da zai shiga hannu fam 9.50 ne.

A nan sababbin shiga ke ruɗuwa. Ido yana kan fam 10 da aka rubuta, alhali fam 30 ne ke cikin haɗari. Da farashin 20.0 ne, da fam 190 ke wuyansa saboda ribar da ba ta kai fam 10 ba. Yawan cin ma yaudara ne: a farashin 4.0, wanda ya ci sau uku ya tara fam 28.50, faɗuwa ɗaya ta kwashe fam 30. Sai ya ci kusan sau 76 cikin 100 kafin ya mayar da uwar kuɗinsa kawai, kamfani kuwa yana karɓar kamashonsa ko wane ɓangare ya yi nasara.