Abin da ke sa wasiƙar imel ta maƙale a hanya har sai an buɗe manhajar waya

A ɗauki misalin wani hadimin babban jami'i a Abuja, wanda ya taso daga Kubwa da safe, wayarsa ƙirar iPhone tana aljihu, datarsa a kunne. Da ƙarfe 9:05 aka aiko masa da imel cewa an dawo da taron ƙarfe 12 zuwa ƙarfe 10. Wayar ba ta yi ƙara ba. Sai da ya buɗe manhajar Mail da ƙarfe 10:40 saƙon ya bayyana, alhali an riga an zauna ba tare da takardun maigidansa ba.

Sau da yawa akan ɗora laifin a kan rashin sabis, amma matsalar tana wani wuri dabam. Hanya biyu ce wasiƙa ke bi ta iso waya. A ta farko, wadda ake kira Push, uwar garke ce ke sanar da wayar da zarar saƙo ya sauka. A ta biyu, wato Fetch, wayar ce ke leƙawa lokaci zuwa lokaci ta ga ko an ajiye mata wani abu.

Manhajar Mail ta iPhone tana samun Push daga asusun iCloud da na Exchange. Asusun Gmail na kyauta kuwa Fetch kaɗai yake samu a cikinta, domin tun a 2013 kamfanin Google ya rufe wa sababbin wayoyi hanyar da ke ba da wannan dama.

A nan hadimin ya faɗa tarko. Wayarsa tana kan zaɓin Automatically, wanda ba ya ɗauko saƙo a bayan fage sai waya tana jone da caji, kuma tana kan Wi-Fi. A cikin mota, da data kaɗai, sharuɗɗan ba su cika ba.

Gano matsalar ba shi da wuya. Mutum ya aika wa kansa saƙo daga kwamfuta, ya kulle wayar, ya jira minti 20. Idan shiru, sai ya duba shafin Fetch New Data da ke ƙarƙashin asusun Mail a cikin Settings, ya zaɓi Every 15 Minutes. Wannan ne mafi gajeren lokaci da ake da shi, don haka jinkirin kwata ɗin awa zai iya ci gaba, kuma batir zai fi saurin raguwa.

Akwai kuma tsarin Low Power Mode, wanda waya ke tayin kunnawa idan caji ya sauka zuwa kashi 20 cikin 100. Muddin alamar batir ta koma rawaya, ɗauko wasiƙu a bayan fage ya tsaya, komai lokacin da aka zaɓa.

Wanda aikinsa ba ya jure jinkirin minti 15, mafita gare shi ita ce ya sauke manhajar Gmail ita kanta, ya ba ta izinin sanarwa, domin tana kawo saƙo nan take.