Idan Dila Ya Ce "Kaya Na Hanya"

Duk wanda ya taɓa jiran kaya ya san amsar nan ta waya: "Alhaji, yi haƙuri, kaya na hanya." Wace hanya, a ina, yaushe za su iso, babu bayani. Amfanin imel shi ne ya sa dila ya ɗaure kansa da rana a rubuce.

A ce mai gidan burodi ne a Kano ya yi odar fulawa buhu 200 daga Legas, ya biya rabin kuɗi, aka yi alkawarin 5 ga Mayu. Yau 8 ga wata, shiru. Buhu 60 ya rage masa a sito, yana cin 15 kullum, wato ranar 11 tanda za ta mutu. Kafin ya taɓa rubutu, wannan lissafin zai fara yi, domin shi zai nuna masa abin da zai nema.

A kan saƙon ya sa lambar oda da kalmar "jinkiri", don kada ya ɓace cikin tarin wasiƙu. Bayan sallama sai ya shiga magana:

"Ranka ya daɗe, fulawa buhu 200 da muka yi za ta iso ranar 5 ga Mayu ba ta iso ba. Abin da ke hannunmu zai ƙare ranar 11. Muna roƙon a ba mu tabbatacciyar ranar isowa, a kuma gaya mana ko an yi lodi. In an yi, a turo lambar mota da ta direba. In ba a yi ba, ko za a iya ba mu buhu 60 daga sitonku na Kano kafin ranar 11, sauran su biyo baya? Muna jiran amsa kafin azahar gobe."

Tambayar lodi ita ce zuciyar saƙon. Tsakanin Legas da Kano kusan kilomita 1,000 ne, tirela mai kaya kuwa kwanaki take yi. In har yau ba a ɗora buhu ko ɗaya ba, sabuwar rana kaɗai ba za ta ceci burodin ba; sai an ji dabarar cike giɓin, ko ta kason farko, ko ta wata motar.

Ban ga amfanin zafin rai a saƙon farko ba, balle barazanar fasa ciniki, tunda kuɗinka na hannun mutum. A ajiye wannan sai wa'adin ya wuce.

Idan amsa ta zo da "nan ba da jimawa ba", babu kwanan wata, babu lambar mota, to akwai alamar kayan ba su tashi ba. Sai a maimaita tambayar a ƙarƙashin saƙon farko, a saka manajansa a ciki, a kuma fara tambayar farashin buhu 60 a kasuwar Singa tun ranar.