Me Ya Sa Ake Rage Ɗaya Kafin A Raba?

A ce ɗan kasuwa yana da sito cike da buhunan masara: rabinsu kilo 98, rabinsu kilo 102. Matsakaicin nauyi kilo 100 ke nan, kowane buhu ya kauce masa da kilo 2. Masana ƙididdiga kan ninka wannan tazara da kanta, su sami 4. Matsakaicin irin waɗannan lambobi shi ne ma'aunin warwatsuwa, kuma a wannan sito 4 ne cif.

Mai saye bai san haka ba. Buhu biyu kawai zai ɗora a sikeli, waɗanda hannunsa ya faɗa a kai.

Ɗayan abu huɗu zai faru, babu wanda ya fi wani yiwuwa. Idan ya ci karo da 98 da 98, ko 102 da 102, ba zai ga tazara ko kaɗan ba, jimillarsa sifili. Idan ya sami 98 sannan 102, ko 102 sannan 98, jimillar ta zama 4 da 4, wato 8. Matsakaicin jimillolin nan huɗu shi ne 4. Ya raba da 2, yawan buhunan da ya auna, sai ya sami 2, rabin gaskiya. Ya raba da 1 kuwa, sai ga 4 daidai.

Ina rabin ya shiga? Mai saye bai auna tazara daga 100 na gaskiya ba, daga matsakaicin buhunansa ya auna, shi kuwa wannan matsakaici ɗan gida ne, kullum yana bin buhunan duk inda suka karkata. Shi ya sa tazarar ke tsukewa. Wannan raguwa da ke bin gefe guda, komai yawan maimaitawa, ita ake kira karkata. Raba jimillar da n − 1, inda n ke nufin yawan abin da aka auna, shi ke miƙe ta. Ana kiran wannan gyaran Bessel, da sunan Friedrich Bessel, Bajamushe masanin taurari da ya rasu a 1846.

Sai dai gyaran ba kyauta ba ne, kuma ba kowane malami ke faɗin haka a aji ba. Mai raba da 1 amsarsa 0 ce ko 8, ko sau ɗaya ba ya dacewa da 4. Kullum ya kuskure da 4. Mai raba da 2 amsarsa 0 ce ko 4, rabin lokaci ya dace. Mai karkatar ya fi natsuwa, marar karkatar ya fi tsalle-tsalle. A ganina, duk wanda aka ce masa ma'auni ba ya karkata, ya kamata ya tambayi yadda yake rawa.

Da buhu 100 aka auna, bambancin bai wuce kusan kashi 1 cikin 100 ba. A Excel, VAR.S ne ke raba da n − 1, VAR.P kuma na wanda ya auna sito duka ne.