Abin da ke raba kwamfuta da firinta idan an kunna VPN

Tun lokacin da Gwamnatin Tarayya ta dakatar da Twitter a watan Yunin 2021, VPN ya shiga wayoyi da kwamfutocin mutane da yawa a Gusau, kuma ko da aka ɗage takunkumin a Janairun 2022 ba kowa ya cire shi ba. Wasu kuma wurin aikinsu ne ya wajabta musu shi. Daga nan aka fara jin wani ƙorafi a shagunan buga takardu da gidaje: firinta tana kunne a kan teburi, jiya ta yi aiki, yau kwamfuta ta ce ba ta ganin ta. Sai a kama zargin firinta, alhali lafiyarta ƙalau.

A ɗauki wani shago a Tudun Wada mai amfani da rautar Huawei. Adireshin rautar 192.168.8.1 ne, ta ba kwamfuta 192.168.8.100, ta ba firinta 192.168.8.105. Irin waɗannan lambobi na cikin gida ne, ba a san su a intanet ba, kuma dubban gidaje suna amfani da irinsu a lokaci guda. Saƙon da kwamfuta ke tura wa firinta ba ya ko fita daga ɗakin.

Aikin VPN shi ne ya haƙa rami daga kwamfuta zuwa wata saba da ke nesa, ya riƙa bi da saƙonni ta ciki. Wannan kaɗai bai isa ya ɓatar da firinta ba, domin kwamfuta tana fifita hanyar da ta fi takamaimai, kuma hanyar gida ta fi ta ramin. Yawanci abin da ke faruwa shi ne manhajar ta kafa shinge da gangan, ta hana duk saƙon da bai bi ta ramin ba. Tana da hujja: a waifai ɗin otal ba ka san wanda ke maƙwabtaka da kai ba. Matsalar ita ce ba ta bambance otal da ɗakinka.

Gwajin ba wuya. A duba adireshin firinta a allonta ko a shafin rauta, a kashe VPN, a buɗe Command Prompt a rubuta:

```
ping 192.168.8.105
```

Sannan a kunna VPN a maimaita. In ta amsa da farko, ta yi shiru a karo na biyu, to hanyar ce aka tare. Maganin yana cikin saitin manhajar, sai dai kowace da sunan da ta ba shi. A Mullvad ana kunna Local network sharing, a Proton VPN kuma Allow LAN connections. A WireGuard na Windows ana cire alamar Block untunneled traffic (kill-switch). A wayar Android akwai Block connections without VPN, wanda shi ma yakan hana waya ganin firinta. Bayan an canza, a katse VPN a sake haɗawa.

In kuwa firinta ta amsa a duka gwaje-gwajen biyu amma bugu ya ƙi, to sunanta ne ya ɓace. Kwamfuta tana gano firinta ne ta hanyar shelar da na'urori ke yi wa juna a cikin gida, VPN kuma yakan danne wannan shela, ya karkata neman suna zuwa sabarsa. Sai a sake ƙara firintar da lambarta kai tsaye. Haka ma foldar da aka raba a wata kwamfuta, a kira ta da lamba:

```
\\192.168.8.110\takardu
```

A kuma sa rauta ta ware wa firinta lambarta ta dindindin, in ba haka ba ɗauke wutar NEPA sau ɗaya ya isa ya sauya ta.

Wanda ya fi ruɗa mutane shi ne karo tsakanin adireshi, kuma VPN na ofis ya fi kawo shi. Ma'aikaci a Bungudu yana da 192.168.1.1 a rautarsa, hedikwatarsu a Abuja ma da wannan jeri take aiki. Da ya haɗa, takardar da ya tura wa firintarsa a 192.168.1.20 na iya bin rami ta tafi neman wata na'ura a Abuja. Kunna wancan saiti ba lallai ya warware wannan ba. Umarnin `route print` zai nuna jerin sau biyu, ɗaya ta gida, ɗaya ta VPN. Gyaran da ke ɗorewa shi ne a shiga shafin rauta a mayar da adireshinta wani da ba kowa ke taɓawa ba, kamar 192.168.57.1, a sake kunna komai, a ƙara firinta da sabuwar lambarta.

Akwai inda hannun mai kwamfuta ba ya kaiwa. Cisco AnyConnect yana da zaɓin Allow local (LAN) access when using VPN, amma ba ya aiki sai mai kula da kwamfutocin ma'aikatar ya amince daga can. A gani na, kada mutum ya tsaya neman dabarar kewayewa a kwamfutar ofis. Ya nemi izini, ko ya jona firinta da igiyar USB, wadda ba ruwanta da VPN. Wanda kuma ya buɗe ƙofar LAN a gida, ya tuna ya rufe ta kafin ya hau waifai ɗin otal ko na makaranta.