Tsayawa uku a ɗakin tiyata

A shekarar 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da takardar tambayoyi 19 da ake bi a ɗakin tiyata, a tsayawa uku. Kafin allurar barci, majinyaci zai faɗi sunansa da bakinsa, da wurin da za a yanka, domin an sha yanka ƙafar dama alhali ta hagu ce ke ciwo. Kafin wuƙa ta taɓa fata, kowa zai dakata, a tabbatar an ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta cikin minti 60 da suka wuce. Kafin a fitar da shi kuwa, nas za ta tabbatar da ƙirgen auduga, allurai da almakashi. In auduga goma ta shiga, tara ta fito, ba inda za a je sai an nemo ɗayar.