Amsa Tambayar Marsiyya a Jarrabawa

Yawancin ɗalibai, da an tambaye su yadda marubuci ya bayyana baƙin ciki a marsiyya, sai su shiga zayyano tarihin mamaci. Nan maki ke zubewa, domin mai duba takarda salo yake nema.

A marsiyyar da Nana Asma'u ta yi da Fulatanci ga ɗan'uwanta Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ta kamanta kanta da ɗan tsakon da uwarsa ta mutu. Ɗalibi mai lura zai nuna cewa tsako ba ya iya kare kansa, wato majingina ta rasa. Sannan ya bi yabon halayen Bello, ya nuna yadda kowane hali ke ƙara girman rashin.